Na girka manhajar rubutu, amma kwamfutata ta ce ba ta san `gcc` ba

Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce da ta fara koyon harshen C a wannan zangon, kuma kwamfutata Windows 11 ce. Na sauke Visual Studio Code, na kwafi ɗan shirin da aka ba mu a aji, amma duk lokacin da na rubuta `gcc` sai ta amsa mini da `'gcc' is not recognized as an internal or external command`. Na cire manhajar na sake girka ta har sau biyu, babu abin da ya canza, har na fara tunanin kwamfutar ce ta lalace. Don Allah a nuna mini hanya tun daga farko, domin ban taɓa yin irin wannan aikin ba.

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kwamfutarki lafiyarta ƙalau, kuma ko sau goma za ki sake girka Visual Studio Code amsar ba za ta canza ba, domin ita wannan manhaja wurin rubutu ce kawai, kamar Notepad da aka ƙawata. Abin da ke ɗaukar rubutun C ya mayar da shi shirin da na'ura za ta iya gudanarwa wata manhaja ce dabam da ake kira kwamfaila, kuma Windows ba ta zuwa da ita. Kalmar `gcc` sunan ɗaya daga cikin kwamfailolin ne, wanda Richard Stallman ya fara fitarwa a 1987, kuma shi ne mafi yawan darussan C ke nufi idan suka ce a haɗa shiri.

Kafin ki taɓa komai, ina so ki riƙe cewa aikin nan abu uku ne mabambanta, ko da yake masu koyarwa sukan dunƙule su su kira su girkawa. Na farko, kwamfailar ta kasance a cikin kwamfutar. Na biyu, Windows ta san inda aka ajiye ta. Na uku, fayil ɗin da kika rubuta ya kasance a inda kike tsaye, da sunan da kike zato. Kowane ɗayansu yana da gwajinsa kuma yana da irin saƙon kuskurensa, saboda haka idan kika gwada kowane mataki kafin ki wuce gaba, duk abin da ya ƙi za ki san a wane mataki ya ƙi. A yanzu ki rufe Visual Studio Code gaba ɗaya, za mu dawo gare ta a ƙarshe.

Shawarata ita ce ki samo `gcc` ta hanyar MSYS2. Akwai wasu hanyoyin: kamfanin Microsoft yana da tasa kwamfailar mai suna `cl`, wadda ke zuwa tare da Visual Studio, kuma kwamfaila ce mai kyau, sai dai tana cin gigabait da dama, umarninta kuma ba su yi daidai da na darussan da ake koyar da ke ba. Akwai kuma tsohuwar MinGW da bidiyoyi da yawa na shekarun baya suke nunawa, wadda sau da yawa takan bar mutum da `gcc` mai lamba 6.3.0, wato tsohon yayi da aka daɗe da wucewa. MSYS2 kyauta ce, ana sabunta ta a kai a kai, kuma umarni ɗaya ya isa ya kawo miki sabon `gcc`. Tana buƙatar Windows mai bit 64, kuma da yake taki Windows 11 ce an gama da wannan, domin Windows 11 ba ta da sigar bit 32. Mai Windows 10 shi ne zai duba a Settings, sai System, sai About, ya karanta layin System type.

Ki shiga shafin `msys2.org` da kanki, kada ki ɗauko fayil ɗin daga wani shafin da ke tara manhajoji, ki sauke fayil ɗin girkawa wanda sunansa ya fara da `msys2-x86_64` ya ƙare da `.exe`. Idan kin buɗe shi zai tambaye ki inda za a ajiye manhajar, kuma zai ba ki shawarar `C:\msys64`. Ki bar shi a haka. Dalili kuwa shi ne kayan aikin da ke ciki sun samo asali ne daga duniyar Unix, kuma sukan rikice idan sunan folda yana da tazara a tsakiyarsa ko yana da haruffan da ba na gama-gari ba, saboda haka mayar da ita cikin `Program Files`, ko cikin foldar da sunanta ke ɗauke da ƙ ko ɗ, neman wahala ne da babu riba a cikinsa. Sauran tambayoyin duk ki danna Next har a gama.

Da an gama, wata baƙar taga za ta buɗe. Idan ba ta buɗe ba, ko kuma kin rufe ta, ki danna Start ki nemi MSYS2 UCRT64. Ki lura da kyau a nan, domin za ki ga sunaye da yawa masu kama da juna, irin su MSYS2 MSYS da MSYS2 MINGW64 da MSYS2 CLANG64, kuma kowannensu muhalli ne mai zaman kansa da foldarsa da kayan aikinsa. Wanda muke so shi ne UCRT64, za ki kuma tabbatar da haka idan kin ga wannan kalma a rubuce a layin da ke saman alamar `$`. Umarnin farko na sabunta ita kanta MSYS2 ne:

```
pacman -Syu
```

Idan ya tambaya `Proceed with installation? [Y/n]`, ki rubuta `Y` ki danna Enter. Wani lokaci zai sanar da ke cewa dole ya rufe tagar domin ya kammala, kuma wannan ba matsala ba ce: ki amince, ki sake buɗe MSYS2 UCRT64, ki maimaita umarnin har sai ya nuna babu sauran abin sabuntawa. Wani ƙaramin abu da ke ɓata wa sababbin shiga rai shi ne `Ctrl+V` ba ya liƙa rubutu a wannan tagar. Sai dai `Shift+Insert`, ko ki danna ɓangaren dama na linzami ki zaɓi Paste. Bayan haka sai umarnin da ke kawo kwamfailar:

```
pacman -S mingw-w64-ucrt-x86_64-gcc
```

Sunan yana da tsawo, kuma na san zuciya za ta raya miki ki taƙaita shi zuwa `pacman -S gcc`. Kada ki yi. Wannan gajeren umarnin zai yi aiki ba tare da ƙorafi ba, amma zai kawo miki wani `gcc` dabam da aka tanada domin gina kayan cikin gidan MSYS2, wanda shirye-shiryen da yake fitarwa ba sa tashi sai da fayil ɗin `msys-2.0.dll` a kusa, kuma ba a foldar da za mu nuna wa Windows yake zama ba. Ki rubuta dogon sunan harafi da harafi. Zai jero wasu ƙunshiyoyi da kwamfailar ke dogara da su, ki amince da su duka, ki kuma tabbata intanet ɗinki ba zai yanke ba, domin idan an gama za su ci wasu ɗaruruwan megabait a kwamfutar. Idan ya yanke a tsakiya, maimaita umarnin ya wadatar.

Ga gwajin mataki na farko, a cikin wannan tagar dai:

```
gcc --version
```

Idan kin ga layin da ke ɗauke da `Built by MSYS2 project` da lambar siga a ƙarshensa, to kwamfailar ta zauna. Lambar da za ki gani ta danganta da ranar da kika sauke, don haka kada ki damu idan ta bambanta da ta wata ƙawarki. Idan kuwa aka ce `command not found`, to ɗayan biyu ne: ko saukewar ba ta kammala ba, ko kuma ba a tagar UCRT64 kike ba. Domin ki gani da idonki, ki buɗe File Explorer ki shiga `C:\msys64\ucrt64\bin`, ki nemi fayil mai suna `gcc.exe`. Idan yana nan, mataki na farko ya ƙare.

Mataki na biyu shi ne inda mafi yawan mutane ke tuntuɓe, kuma ya cancanci a fahimce shi maimakon a haddace shi. Idan kika rubuta kalma a Command Prompt, wato tagar umarni ta Windows, kika danna Enter, Windows ba ta bincika kwamfutar gaba ɗaya tana neman shiri mai wannan suna. Takan duba foldar da kike tsaye a ciki, sannan ta bi wani jerin foldoji da aka rubuta mata a ƙarƙashin sunan `Path`, ɗaya bayan ɗaya, ta ɗauki na farko da ta samu. Idan ta kai ƙarshen jerin ba ta samu ba, sai ta fitar da wannan saƙo na `is not recognized`. Ma'anar saƙon ke nan ba ƙari: ba a samu sunan a jerin ba. Tagar MSYS2 ta san inda `gcc` yake ne domin tana da nata jerin, amma sauran Windows ba ta sani ba sai kin gaya mata. Shi ya sa mutum zai iya girka kwamfaila daidai, ya buɗe Command Prompt, ya ga saƙon da ya gani jiya, ya ɗauka duk wahalarsa ta tashi a banza.

Ki danna Start ki rubuta `environment`, ki zaɓi Edit environment variables for your account. Taga za ta buɗe mai kashi biyu, na sama na asusunki ne ke kaɗai, na ƙasa kuma na duk masu amfani da kwamfutar. A kashin sama ki zaɓi layin `Path`, ki danna Edit, sannan New, ki rubuta wannan a sabon layin:

```
C:\msys64\ucrt64\bin
```

Folda ake rubutawa, ba fayil ba, saboda haka kada ki ƙara `gcc.exe` a ƙarshe. Kada kuma ki goge ko ki gyara layukan da kika tarar, domin wasu manhajojin sun dogara da su. Ki danna OK a wannan tagar, ki sake danna OK a wadda ke bayanta. Idan kika rufe su da alamar giciyen da ke kusurwa, canjin zai iya tafiya ba a adana shi ba. Za ki iya cin karo da masu cewa a yi wannan aikin da umarnin `setx` domin ya fi sauri. Ban ba ki shawarar haka ba, domin `setx` yana yanke duk abin da ya wuce haruffa 1024, kuma jerin da ya riga ya yi tsawo yakan rasa wutsiyarsa ba tare da mai shi ya ankara ba.

Yanzu ki rufe duk wata tagar Command Prompt da ke buɗe, ki buɗe sabuwa ta hanyar danna Start da rubuta `cmd`. Wannan ba al'ada ba ce kawai: kowace taga tana karɓar kwafin jerin ne a lokacin da aka buɗe ta, kuma ba ta sake dubawa, don haka tsohuwar taga za ta ci gaba da cewa ba ta san `gcc` ba ko da kin yi komai daidai. A sabuwar tagar ki rubuta waɗannan biyun, ɗaya bayan ɗaya:

```
gcc --version
where gcc
```

Na farkon ya kamata ya ba ki amsar da kika gani ɗazu. Na biyun yana nuna wurin da Windows ta samo shirin, kuma abin da ake so ki gani shi ne `C:\msys64\ucrt64\bin\gcc.exe`. Idan layi biyu suka fito, to akwai wani `gcc` da wata manhaja ta taɓa ajiyewa, kuma wanda ke sama shi ne ke aiki. Ki sani cewa Windows tana sa jerin kashin ƙasa gaba da na asusunki, saboda haka tsohon `gcc` da ke can zai riƙa cin nasara a kan sabon har sai an cire layinsa. Idan kuwa har yanzu `is not recognized` ne, ki koma ki karanta abin da kika rubuta a `Path` a tsanake, domin kusan koyaushe harafi ɗaya ne ya kauce, kamar a rubuta `urct64` a maimakon `ucrt64`. Hanya mafi aminci ita ce ki shiga foldar ta File Explorer, ki kwafo adireshinta daga sandar sama, ki liƙa.

Mun zo mataki na uku. Command Prompt takan buɗe ne a foldar asusunki, wato `C:\Users\` da sunanki a gaba. Ki ƙirƙiri foldar aiki a nan, ki shiga cikinta, ki kira Notepad daga cikin tagar:

```
mkdir koyo
cd koyo
notepad gwaji.c
```

Notepad za ta ce ba ta ga fayil ɗin ba, ta tambaya ko a ƙirƙira shi, ki ce Yes. Na zaɓi wannan hanyar da gangan. Idan mutum ya buɗe Notepad ta hanyar da aka saba ya adana fayil, yana iya ƙarewa da `gwaji.c.txt` ba tare da ya sani ba, kuma da yake File Explorer tana ɓoye ƙarshen sunayen fayiloli idan ba a canza mata saiti ba, zai riƙa ganin `gwaji.c` a allo alhali ainihin sunan wani ne. Kiran Notepad da cikakken suna daga tagar umarni yana toshe wannan ƙofar, yana kuma tabbatar da cewa fayil ɗin yana foldar da kike tsaye. Ki rubuta wannan da hannunki:

```c
#include <stdio.h>

int main(void)
{
    printf("Sannu, duniya\n");
    return 0;
}
```

Layin farko yana shigo da bayanin `printf`, wanda shi ne ke rubutu a allo. `main` shi ne inda kowane shirin C yake farawa, kuma dole a rubuta shi da ƙananan haruffa, domin a wajen C `main` da `Main` sunaye biyu ne. Alamar `\n` tana sauko da rubutu zuwa sabon layi, `return 0;` kuma yana shaida wa Windows cewa shirin ya ƙare lafiya. Na ce ki rubuta da hannu ne saboda idan aka kwafo daga takardar Word ko wani fayil da aka ƙawata, alamomin zance sukan zo a lanƙwashe, kwamfaila kuma miƙaƙƙun kaɗai ta sani. Alamar wannan matsala ita ce saƙon da ke ɗauke da kalmar `stray`. Ki adana da `Ctrl+S`, ki koma tagar umarni, ki rubuta `dir`. Ya kamata ki ga `gwaji.c` a jerin, da girman da ya fi sifili. Sai haɗawa da gudanarwa:

```
gcc -Wall gwaji.c -o gwaji.exe
gwaji.exe
```

A umarnin farko, `gwaji.c` shi ne abin da za a karanta, `-o gwaji.exe` shi ne sunan abin da za a fitar, wanda in ba ki ba da shi ba za a sa masa `a.exe`, `-Wall` kuma yana kunna gargaɗi, zan dawo kansa. Idan komai ya tafi daidai, umarnin farko ba zai ce miki komai ba, zai ɗan tsaya kaɗan ya dawo da ke layin umarni. Wannan shirun shi ne nasara, domin `gcc` ba ya magana sai yana da ƙorafi, kuma na sha ganin ɗalibai suna maimaita umarnin suna jiran a taya su murna. Umarni na biyu shi ne zai rubuta `Sannu, duniya`. Idan kina son shaida cewa sifilin nan ya isa wurin Windows, ki rubuta `echo %ERRORLEVEL%` nan take, za ki ga 0. Ki mayar da `return 0;` ya zama `return 3;`, ki adana, ki sake haɗawa ki gudanar, za ki ga 3.

Kada ki gwada shirin ta hanyar danna `gwaji.exe` sau biyu a File Explorer. Zai tashi, ya yi rubutunsa, ya ƙare, tagar ta rufe kafin ƙiftawar ido, ke kuma ki zaci ya lalace.

Kurakuran wannan mataki kaɗan ne, kuma kowanne yana faɗin sunansa. Idan aka ce `No such file or directory` game da `gwaji.c`, to kwamfailar tana aiki, fayil ɗin ne ba ya inda kike tsaye ko sunansa ya bambanta, kuma `dir` zai nuna miki gaskiya. Idan aka ce `undefined reference to` aka ambaci `WinMain`, saƙon yana da ban tsoro amma ma'anarsa mai sauƙi ce: ba a ga `main` ba, ko dai kin yi kuskure a rubuta sunan, ko kuma, wanda ya fi yawa, ba ki adana fayil ɗin ba, kwamfailar ta karanta fanko. Idan aka ce `Permission denied` game da `gwaji.exe`, to galibi tsohon shirin bai rufe ba a wata taga, Windows kuma ba ta yarda a rubuta a kan shirin da ke gudana. Wani lokaci kuma manhajar kariya daga ƙwayoyin kwamfuta ce ta riƙe sabon fayil ɗin tana bincikarsa.

Da zarar shirin ya yi aiki, ina so ki ɓata shi da gangan, domin kwamfailar da ba ki taɓa ganin tana ƙorafi ba rabin gwaji kawai aka yi mata. Ki goge waƙafi mai ruwa da ke ƙarshen layin `printf`, ki adana, ki sake haɗawa. A cikin abin da zai fito za ki ga layi kamar haka:

```
gwaji.c:5:30: error: expected ';' before 'return'
```

Ki karanta shi daga hagu: sunan fayil, sai layi na 5, sai gurbi na 30 a wannan layin, sai kalmar `error`, sai bayani, wato ana sa ran waƙafi mai ruwa kafin `return`. Idan kika ƙirga daga farkon layi na biyar har da tazara huɗu na gabansa, bakan rufewa yana gurbi na 29, don haka na 30 shi ne daidai inda alamar take kafin ki goge ta. Yanzu, kafin ki gyara, ki rubuta `gwaji.exe`. Za ki ga ya rubuta `Sannu, duniya` kamar babu abin da ya faru. Wannan tsohon shirin ne na ɗazu, domin haɗawar da ta tsaya a kan irin wannan kuskure ba ta fitar da sabo kuma ba ta taɓa tsohon ba. Ki riƙe wannan da kyau, domin nan gaba za ki gyara rubutu ki ga sakamako bai canza ba, kuma dalilin kusan koyaushe ɗayan biyu ne, ko ba ki adana ba, ko ba ki lura haɗawar ta gaza ba. Idan kurakurai suka fito da yawa a jere, ki gyara na farko kaɗai ki sake haɗawa, domin sau da yawa na bayansa 'ya'yansa ne.

Ki mayar da alamar, sannan ki gwada amfanin `-Wall`. Ki ƙara wannan layin a ƙarƙashin `printf` na farko:

```c
printf("%d\n", 2.5);
```

Alamar `%d` wurin cikakkiyar lamba ce, ke kuma kin ba ta lamba mai ɗigo. Idan kika haɗa da `gcc gwaji.c -o gwaji.exe`, ba tare da `-Wall` ba, kwamfailar za ta yi shiru, shirin ya fito, ya rubuta wata lamba da ba 2.5 ba. Idan kika haɗa da `-Wall`, za ki ga layi mai kalmar `warning` yana cewa `%d` yana jiran `int` amma an ba shi `double`. Bambancin kalmomin biyu shi ne `error` yana hana shiri fitowa, `warning` kuwa yana barinsa ya fito da aibinsa. A ganina gargaɗin ya fi haɗari ga mai koyo, tunda ana iya tsallake shi, saboda haka ki sa `-Wall` a kowane umarni tun daga yau, kuma kada ki miƙa aikin da ke da gargaɗin da ba ki fahimta ba. Gyaran wannan shi ne mayar da `%d` ya zama `%f`, sai ki ga `2.500000`.

Akwai abu ɗaya da zai same ki ranar da kika so shirinki ya yi Hausa sosai. Na zaɓi gaisuwar da ba ta da harafi mai lanƙwasa ne da sani. Idan kika sa ƙ ko ɗ ko ɓ a cikin `printf`, mai yiwuwa ki ga wasu baƙin alamomi biyu a madadin kowane harafi, domin Notepad tana adana rubutu a tsarin UTF-8, inda kowanne daga cikin waɗannan haruffa yake cin bait biyu, ita kuwa Command Prompt takan fara ne da wani tsohon tsari da ke karanta kowane bait a matsayin harafi guda. Ba laifin kwamfaila ba ne. Ki rubuta `chcp 65001` a tagar kafin ki gudanar da shirin, sai ta karanta su a matsayin UTF-8. Saitin na wannan tagar ne kaɗai, idan kin buɗe wata sai kin maimaita.

Yanzu za ki iya komawa Visual Studio Code. Ki tabbata kin rufe ta gaba ɗaya kin sake buɗewa bayan gyaran `Path`, domin ita ma kwafin jerin take riƙewa tun lokacin da aka buɗe ta. Ki zaɓi File, sai Open Folder, ki nuna mata foldar `koyo`, sannan ki zaɓi Terminal, sai New Terminal, tagar umarni za ta buɗe a ƙasa tana tsaye a cikin foldar. Umarnin haɗawa bai canza ba, amma wannan tagar galibi PowerShell ce, wadda za ki gane ta da haruffan `PS` a farkon layi, kuma ita ba ta gudanar da shirin da ke foldar da ake ciki sai an nuna mata shi ƙarara, wato ki rubuta `.\gwaji.exe`, inda ɗigon ke nufin foldar da kike tsaye. Haka kuma a PowerShell `where.exe gcc` ake rubutawa, domin `where` shi kaɗai wani umarni ne dabam a wurinta. Manhajar za ta ba ki shawarar girka ƙarin C/C++ na Microsoft. Ki karɓa, yana taimakawa wajen nuna kurakurai tun kina rubutu, amma shi ma ba kwamfaila ba ne, `gcc` ɗin da kika girka zai nema. Game da maɓallin da ke haɗawa ya gudanar da dannawa ɗaya, ki bar shi tukuna na makonni kaɗan, ki riƙa rubuta umarnin biyu da hannunki, domin ranar da maɓallin ya ƙi aiki, abin da zai nuna miki a ƙasa shi ne wannan umarnin na `gcc` da amsarsa, kuma a lokacin kin riga kin iya karanta su.